Cinikin da Ake Yi a Ƙarƙashin Ƙasa: Saiwa, Fumfuna da Bakteriya

Saiwar shuka ba ita kaɗai take nemo abinci a cikin ƙasa ba. Yawancin tsirran da ke doron ƙasa, sama da kashi 70 cikin ɗari, suna rayuwa ne tare da wata irin fumfuna da ke shiga cikin saiwarsu, ta kuma bazu cikin ƙasa da zaruruwa masu matuƙar siranta. Haɗuwar saiwa da wannan fumfuna ita ake kira maikoraiza, kalmar da wani masanin tsirrai Bajamushe, Albert Bernhard Frank, ya ƙirƙira a 1885 daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar fumfuna da saiwa. Tsirran dangin wake kuma suna da ƙarin abokan hulɗa, wato bakteriyar da ake kira raizobiya, wadda ke zaune cikin 'yan gudajin da ake gani a jikin saiwar wake da gyaɗa. Duka hulɗoɗin biyu ciniki ne na cuɗe ni in cuɗe ka. Shuka na biya da abincin da ganyenta ya haɗa daga hasken rana, abokin cinikin kuma ya kawo mata sinadarin da ba ta iya samu da kanta. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai gane dalilin da ya sa cinikin ke bunƙasa a wata gona, ya mutu a gonar da ke kusa da ita.

Matsalar da maikoraiza ke warwarewa ta fosfaras ce. Fosfaras sinadari ne mai nauyin jiki a cikin ƙasa. Naitiret, wato siffar naitirojin da ke narkewa cikin ruwa, yana bin ruwa ya iso saiwa cikin sauƙi, shi ya sa ma ruwan sama ke wanke shi. Fosfaras kuwa yana maƙalewa ga ƙarfe da alminiyam a ƙasa mai tsami, ko ga kalsiyam a ƙasa mai kanwa-kanwa, ɗan abin da ya narke kuma tafiyar hawainiya yake yi. Cikin 'yan kwanaki saiwa takan tsotse wanda ke kewaye da ita, sai a sami wani ɗan zobe mai faɗin milimita 1 zuwa 2 da babu komai a cikinsa. Gaba kaɗan da zoben akwai sauran fosfaras, amma ga saiwar tamkar yana wani gari ne.

Zaren fumfuna shi ke tsallake wannan zobe. Kaurinsa bai fi maikiromita 2 zuwa 10 ba (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), don haka yana kutsawa cikin ƙofofin ƙasa da ko gashin saiwa ba ya shiga, yana kuma yin nisan santimita da yawa daga saiwar. Abin da ya tsotso yakan turo shi ta cikinsa har zuwa saiwa, da sauri fiye da yadda fosfaras zai taɓa tafiya ta cikin ƙasa. Ta fuskar tsada ma zaren ya fi araha: da sukarin da shuka za ta kashe wajen gina ɗan guntun saiwa, fumfuna za ta shimfiɗa zare mai tsawon da ya ninka shi sau da yawa. Zink da tagulla, waɗanda su ma ba sa motsi sosai a ƙasa, ta wannan hanya suke isowa.

Irin maikoraizar da ke cikin gero da dawa da masara da wake da rogo ita ce mai shiga har cikin sel, wato ƙananan ɗakunan da aka gina jikin saiwa da su. Zaren yakan taɓa fatar saiwa, ya huda ta, ya ratsa tsakanin ɗakunan, sa'annan ya shiga bangon wani ɗaki ya yi rassa a ciki kamar 'yar bishiya. Wannan 'yar bishiya ita ce abaskul, kuma ita ce rumfar da ake cinikin. Akwai abin lura a nan da ɗalibai kan yi kuskure a kansa: fumfunar tana huda bangon sel, amma ba ta huda tantanin da ke cikin bangon. Tantanin ne ke lanƙwasawa ya lulluɓe kowane reshe, yadda safar hannu ke bin yatsu, ta yadda kowa na gefensa, kaya ne kawai ke ƙetarewa. Abaskul ba ya daɗewa. Bayan 'yan kwanaki yakan shanye, sel ɗin ya koma yadda yake, wani sabo ya fito a gaba. Wasu nau'o'in fumfunar kuma sukan yi 'yan jakunkuna masu cike da mai a cikin saiwa, rumbun ajiyarsu ke nan.

Farashin ba kaɗan ba ne. Shuka na miƙa wa fumfunar tsakanin kashi 4 zuwa 20 cikin ɗari na abincin da ganyenta ya haɗa. An daɗe ana zaton sukari kawai take bayarwa, sai a 2017 bincike ya tabbatar da cewa har mai take ba ta, domin wannan fumfuna ba ta iya haɗa nata man daga tushe. Wannan ya bayyana abin da ya daɗe yana damun masu ɗakin gwaji, wato ƙin da take yi ta cika rayuwarta a kan faranti kamar sauran fumfuna. Mai son ya yawaita ta sai ya noma ta a tukwane tare da shuka mai rai, kuma dawa da masara na cikin waɗanda aka fi amfani da su. Hulɗar tsohuwa ce ƙwarai: an sami abaskul a cikin burbushin tsirran da suka daskare a duwatsun Rhynie na ƙasar Sikotilan, masu shekaru sama da miliyan 400, tun tsirrai ba su da saiwa ta sosai.

Shuka ce ke fara kiran ciniki. Idan ta ji ƙarancin fosfaras, saiwarta na tsatso wani sinadari mai suna sitirigolakton, wanda ke sa zaren fumfuna da ke kusa ya yi rassa ya nufo ta. Masana a Japan ne suka gano wannan aiki nasa a 2005. Amma tun 1966 aka san sinadarin ta wata fuska, a matsayin abin da ke tayar da irin ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ƙwayar ƙuduji takan kwanta shekaru a ƙasa ba ta tsira ba, har sai ta ji wannan sinadari, alamar cewa akwai saiwar da za ta maƙale wa a kusa. Ke nan kiran da dawa ke yi wa abokin ciniki, ɓarawo ma yana jin sa. Daga nan ake gane ɗaya daga cikin dalilan abin da manoma suka daɗe da sani, cewa ƙuduji ya fi addabar gonar da ta gaji: yunwar fosfaras da naitirojin na sa dawa ta ƙara ɗaga murya. Idan fumfunar ta riga ta zauna a saiwa, ko aka sa taki, kiran na raguwa. Gwajin gona da aka yi a arewacin Kamaru ya nuna raguwar ƙuduji a dawa da masarar da aka sa wa maikoraiza, ko da yake raguwa ce, ba kawarwa ba.

Tsirrai sun bambanta wajen dogaro da wannan ciniki, kuma siffar saiwa ce ke nuna hakan. Rogo da albasa, masu kaurin saiwa da ƙarancin gashi, sun dogara da shi matuƙa, kuma shi ne babban sirrin yadda rogo ke yin kai a ƙasar da masara za ta gaza. Masu saiwa sirara mai gashi da yawa ba su matsu haka ba. Kabeji da danginsa ba sa hulɗar ko kusa, alayyafo ma kusan haka. Wannan na da tasiri a kan abin da za a shuka bayansu, domin fumfunar ba ta rayuwa ba tare da saiwa mai rai ba. Fili ya daɗe babu tsiro, ko a yi ta maimaita kabeji a kansa, sai yawanta ya ragu, masarar da ta biyo baya ta taso da jan ganye mai ɗan shuɗi-shuɗi na yunwar fosfaras alhali gwajin ƙasa na nuna akwai shi. Manoman Ostireliya sun san wannan ciwo a filayen da aka bari fayau tsawon lokaci. Huɗa mai zurfi a kai a kai tana tsinka zaruruwan, zaizayar ƙasa na kwashe su tun da a saman ƙasa suka fi yawa, wasu magungunan kashe fumfuna kuma ba sa tantance mai cuta da mai amfani. A ƙasashen da rani ke da tsawo, fumfunar takan ƙetare watannin fari ne a matsayin ƙwayoyin iri masu kaurin ɓawo da kuma cikin busassun guntayen saiwa, ta farfaɗo da ruwan farko.

Abin da ya fi kashe cinikin shi ne wadata. Idan aka zuba takin fosfaras mai narkewa da yawa, shuka na samun abin da take so kai tsaye, sai ta rage kira ta kuma rage ba wa fumfuna wuri. A ƙasa mai tsananin talauci kuwa, ɗan taki kaɗan yakan ƙara hulɗar, domin shukar da ta tsumbure ba ta da sukarin biya. Akwai ma yanayin da fumfunar ke zama nauyi, misali shuka a inuwa cikin ƙasa mai taki, inda take ci ba ta kawo abin a zo a gani.

Bishiyoyi da dama suna da wata irin maikoraiza dabam, wadda ba ta shiga cikin sel. Ita takan naɗe kan saiwa kamar rawani, ta saƙa raga tsakanin ɗakunan waje, kuma da yawa cikin naman gwarin da ke fitowa a gindin bishiyoyi da damina 'ya'yanta ne. Kashi 2 cikin ɗari ne kacal na nau'o'in tsirrai ke da ita, amma su ne manyan bishiyoyin dazuzzuka masu yawa. A dazukan Afirka ta Yamma doka da kawo na cikinsu. Bishiyar fayin ita ce fitaccen misali: a ƙasashe masu zafi da dama da aka kai ta, 'yan dashen sun yi ta tsumburewa suna rawaya a gandun reno, har sai da aka kawo ƙasa daga gindin tsofaffin fayin aka barbaɗa musu.

Cinikin raizobiya a kan naitirojin yake. Kashi 78 cikin ɗari na iska naitirojin ne, amma a siffar N2, ƙwayoyi biyu da ke ɗaure da juna ɗaurin da babu shukar da ke iya kwancewa. Wasu bakteriya ne kawai ke da makamin kwance shi, wani sinadarin aiki mai suna naitirojines, wanda aka gina da ƙarfe da molibdinam. Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, su suka tabbatar a tsakanin 1886 da 1888 cewa gudajin saiwa ne ke ba dangin wake naitirojin, a 1888 kuma Beijerinck ɗan ƙasar Holan ya ware bakteriyar. Lissafin aikin shi ne:

N2 + 8H+ + 8e− + 16ATP → 2NH3 + H2 + 16ADP + 16Pi

ATP shi ne kuɗin ƙarfi na sel, kuma guda 16 a kan kowane N2 tsada ce babba, wadda shuka ke biya da sukari. Harafin P da ke cikin ATP fosfaras ne. A nan cinikin biyu suka haɗu: gudaji na cin fosfaras da yawa, don haka waken da maikoraiza ba ta taimaka masa ba a ƙasar jigawa mai ƙarancin fosfaras, gudajinsa ma ba za su yi aikin kirki ba. Dalilin da ya sa malaman gona ke cewa a sa wa gyaɗa da waken suya takin sufa, ba yuriya ba, ke nan.

Shigar bakteriyar cikin saiwa sai da sallama. Saiwa na fitar da sinadaran filabonoyid, bakteriyar da ta dace ta amsa da nata sinadarin, sai gashin saiwa ya lanƙwashe ya rufe ta, a buɗe mata siririyar hanya zuwa ciki inda sel suka riga suka fara rarrabuwa don gina gudaji. Gyaɗa ta saɓa wa wannan tsari: tata bakteriyar ta tsagar da ƙananan saiwoyi ke yi wajen fitowa take shiga, shi ya sa gudajin gyaɗa ke zama a hammatar saiwoyi. Saboda sallamar ce ba kowace raizobiya ke shiga kowane wake ba. Wake da gyaɗa da gurjiya ba su da tsani, suna karɓar nau'o'i da yawa da ke cikin ƙasar Afirka. Waken suya baƙo ne daga gabashin Asiya, kuma ire-irensa da aka kawo daga Amurka sukan rasa abokin ciniki a gonar da ba a taɓa shuka shi ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta bi hanyoyi biyu a kan wannan: ta fitar da ire-iren TGx masu karɓar bakteriyar gida, ta kuma samar da garin bakteriya mai suna Nodumax da ake cuɗa iri da shi kafin shuka. Garin mai rai ne. A inuwa ake cuɗawa, a shuka a ranar cikin ƙasa mai laima, kuma leda ɗaya da ta wuni a rana a kan teburin kasuwa ta gama aiki ko da kwanan watan jikinta bai cika ba.

Naitirojines na lalacewa da zarar iskar oksijin ta taɓa shi, alhali bakteriyar na buƙatar oksijin don samar da ATP. Shuka ta warware wannan da wani furotin mai suna leghimogulobin, ɗan'uwan abin da ke sa jini ja, wanda ke kama oksijin ya miƙa shi kaɗan-kaɗan. Shi ke ba cikin gudaji mai aiki launin ja-ja. Shukar ba ta kuma yarda da cin amana: a wani gwaji da aka wallafa a 2003, an hana wasu gudajin waken suya naitirojin ta hanyar kewaye su da iskar da babu shi, sai shukar ta rage musu oksijin, bakteriyar cikinsu ta kasa yaɗuwa kamar ta sauran. Idan kuma aka zuba yuriya da yawa, takan daina gina sababbin gudaji, kamar dai yadda take yi wa fumfuna idan fosfaras ya wadata.

Duk wannan ana iya karanta shi a jikin saiwa. Lokacin duba gudaji shi ne mako 5 zuwa 7 bayan shuka, gab da fure. Ana haƙo shukar ne da ƙasarta, domin in aka tumɓuke ta gudajin na tsinkewa su zauna a ƙasa, mai dubawa ya ce babu. A wanke saiwar a hankali cikin bokiti, a yanka gudaji da reza. Mai ja-ja a ciki yana aiki. Fari ko dai bai nuna ba ko bakteriyarsa ta banza ce, kore ko ruwan ƙasa kuma ya tsufa ya daina. Manyan gudaji kaɗan a kusa da wuyan saiwa sun fi tarin ƙanana farare da suka watsu a ƙananan saiwoyi. Akwai tarko ɗaya: tsutsar saiwa, wadda ke addabar tumatir da kuɓewa har da wake, ita ma tana kumbura saiwa. Gudajin gaske a gefen saiwa yake maƙale, ɗan yatsa na ɓalle shi. Kumburin tsutsa kuwa jikin saiwar ne kansa ya kumbura, ba ya ɓallewa sai an karya ta. Ba kuma duk ɗan dangin wake ke yin gudaji ba: gawo da bagaruwa suna yi, ɗorawa da tsamiya da tafasa ba sa yi.

Maikoraizar cikin sel ba ta ganuwa da ido, sai an rina ta. Ana zaɓar ƙananan saiwoyi masu laushi, a wanke, a yayyanka su kimanin santimita 1. Sai a dafa su cikin ruwan KOH mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari a zafin digiri 90, don ya narkar da abin da ke cikin sel ya bar bango. Saiwar masara ko wake takan washe cikin minti 15 zuwa 30, ta bishiya mai duhu takan ɗauki fiye da haka. Idan an zarce, saiwar ta dame kamar kunu, idan kuma ba ta dahu ba, duhunta ya rufe komai. KOH na cin fata, don haka sai da safar hannu da tabarau. Bayan ɗauraya, a tafasa su minti 3 cikin ruwan binega da aka sa wa tawadar alƙalami kashi 5 cikin ɗari, a sake ɗaurayewa da ruwa mai ɗigon binega. Wannan hanya ta tawada da binega, wadda aka wallafa a 1998, ta fi rinin tirifan bulu araha da aminci, sai dai ba kowace tawada ke kamawa ba, ana gwadawa tukuna. A ƙarƙashin madubin maikiroskof zaruruwan kan fito shuɗi ko baƙi, yawancinsu ba su da katangar da ke raba su gaɓa-gaɓa. Zare mai duhu mai gaɓoɓi wata fumfuna ce dabam, ba a ƙidaya shi. Abaskul ne tabbatacciyar shaida. Wajen ƙidaya, ana baza guntayen a faranti mai layuka, a duba duk inda saiwa ta ƙetare layi. Idan an duba wurare 100 aka ga fumfuna a 62, an ce ta kama kashi 62 cikin ɗari na saiwar. Wannan adadi yana nuna yawan zamanta ne kawai. Sanin ko tana amfanar shukar sai an gwada tukwane biyu na ƙasar da aka turara, ɗaya da fumfuna ɗaya babu, a auna girma da fosfaras ɗin ganye.

Maganar da ake yawan yi cewa dangin wake na gyara gona ita ma tana buƙatar lissafi. A ɗauki misalin hekta ɗaya ta waken suya da ta ba da ƙwaya tan 1.5. Naitirojin ɗin ƙwayar waken suya kimanin kashi 6 cikin ɗari ne, wato kilo 90 ya bar gonar a cikin buhuna. A ce duka shukar, ƙwaya da kara da ganye, ta tara kilo 120, kuma kashi 60 cikin ɗari daga iska ya zo, wato kilo 72. Abin da ya shigo 72, abin da ya fita 90: gonar ta yi asarar kilo 18, ko da an bar mata kara da ganye. Idan aka kwashe su ma don dabbobi, asarar ta kai kilo 48, ban da ɗan abin da saiwa da gudaji suka bari a ƙasa. Duk da haka masarar da ta biyo bayan waken suya takan fi wadda ta biyo bayan masara, domin asarar ba ta kai ta hatsi ba, ganyen da ya zube yana ruɓewa da wuri, ƙudujin hatsi ya ragu, zaruruwan maikoraiza kuma na nan a ƙasa. Wake mai yaɗo, mai ganye da yawa da ƙwaya kaɗan, shi ke barin riba ta gaske, in har harawarsa ta zauna a gonar ko ta dawo mata a matsayin takin dabbobin da suka ci ta.